Batun bincike kan biyan kuɗi ta waya a kasuwanninmu: wanne zan ɗauka, ta ina zan fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin tattalin arziki ne a Jami'ar Marwa, ina shekarar ƙarshe ta masta. Ina so in rubuta kundina a kan MoMo da Orange Money tsakanin 'yan kasuwa, amma sau biyu malamina yana mayar mini da taken, wai ya yi faɗi. Wane batu zan ɗauka wanda zan iya gamawa cikin wata shida da ɗan kuɗin da ke hannuna?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Malaminka yana da gaskiya, kuma ko ban ga taken ba na san kamarsa: "Tasirin kuɗin waya a kan bunƙasar kasuwanci a Arewa Mai Nisa", ko wani abu mai kama da haka. Matsalar irin wannan take ita ce yana yi maka alkawarin abin da ba za ka iya aunawa ba. Kafin ka ce kuɗin waya ya ƙara wa ɗan kasuwa riba, sai ka san ribarsa kafin ya fara da bayan ya fara, sai kuma ka san yadda zai kasance da bai fara ba. Ɗan kasuwar da bai san ka ba ba zai faɗa maka ribarsa ba, kuma ko ya so faɗa, galibi ba ya rubutawa. Binciken da Jack da Suri suka yi a kan M-Pesa a Kenya, wanda kowane ɗalibi ke ambatawa, gidaje dubbai suka bi suna komawa wurinsu shekara da shekaru. Kai wata shida gare ka da kuɗin babur.

Abin da za ka iya aunawa da kyau shi ne biya guda ɗaya: nawa ne, wa ya biya wa, ta wace hanya, nawa hanyar ta ci, kuma wa ya ɗauki nauyin abin da ta ci. Idan ka sauko daga "ɗan kasuwa" zuwa "biya", batutuwa masu kyau za su fito maka da kansu.

Akwai batun gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Injamena. Kuɗi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, babban banki ɗaya ne, wato BEAC, amma kamfanonin waya daban: MTN da Orange a nan, Airtel Money da Moov Money a can. Tun 2020 akwai GIMACPAY da aka kafa don kuɗi ya riƙa ratsa kamfanoni da ƙasashen CEMAC shida. Tambayar ita ce, mai sarin kaya da ke tsallaka gadar kullum yana amfani da shi, ko ya riƙe layi biyu, ko yana ɗaukar tsabar kuɗi a aljihu? Wannan batu yana da daɗi domin canjin kuɗi ba ya shiga lissafi, abin da ya rage shi ne tsadar aikawa da yarda. Kishiyarsa ita ce iyakar Najeriya, a Amshide da Banki, ko Fotokol da Gamboru, ko hanyar Garwa zuwa Mubi da Yola. Can sefa ce da naira, kuma Najeriya ba ta cikin CEMAC, saboda haka ɗan canji ne gada: ka ba shi sefa a hannu ko ta MoMo, shi ya tura naira daga asusunsa na OPay ko Moniepoint zuwa ga mai kaya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da sakin farashin naira a watan Yuni na shekarar sun girgiza wannan harka sosai. Batu ne mai nauyi, amma ba na ba ɗalibi shawarar ya ɗauke shi sai yana da ɗan'uwa a cikin 'yan canji, saboda harka ce ta sirri, ga kuma matsalar tsaro a wasu wuraren.

Akwai kuma batun masu kiyos, wato wakilan da ake sa kuɗi da cirewa a wurinsu: sau nawa a mako suke cewa "babu kuɗi" ko "babu flot", wato kuɗin cikin layinsu ya ƙare, a wace rana, da wane lokaci, kuma wa suke mayarwa. Akwai batun mata masu ƙaramar sana'a da adashen da ya koma waya, da matan da layinsu ke da sunan miji ko ɗa saboda rashin katin ɗan ƙasa. Akwai saƙon ƙarya mai kama da na shigar kuɗi da ake nuna wa mai shago. Akwai harajin aikawa da cire kuɗi, kashi 0.2 cikin ɗari, da ya fara aiki a Kamaru ranar 1 ga Janairu 2022. Wannan na ƙarshe yana jan ɗalibai da yawa, amma ka yi hattara: shekaru sun wuce, ba wanda zai tuna yadda yake biya a Disambar 2021, kuma rahoton da BEAC ke fitarwa kan harkar biyan kuɗi jimillar ƙasa yake bayarwa, ba ya raba maka Marwa da Duwala.

Da ni ne kai, ga wanda zan ɗauka: "Tsadar biya da zaɓin hanyar biya tsakanin masu sarin albasa na Marwa da abokan cinikinsu na kudu." Sauran amsar a kansa zan tsaya, domin idan ka gane yadda ake gina wannan, kana iya sauya albasa da shanu na kasuwar Bogo, ko hatsi, ko busasshen kifi.

Dalilin zaɓen albasa shi ne tana haɗa duk abin da kake bukata. Mai sayarwa yana Marwa, mai saye yana Yawunde ko Duwala, fiye da kilomita dubu tsakani. Kaya suna lalacewa, saboda haka jinkiri yana da farashi. Kuɗin da ake biya ya bambanta ƙwarai, daga buhu biyu zuwa mota guda. Kuma hanyoyin biya aƙalla huɗu suna aiki tare a lokaci ɗaya: tsabar kuɗi hannu da hannu, ba direban mota ko wani amintacce saƙo, kamfanin aika kuɗi irin Express Union ko banki, sai kuma waya. Inda hanyoyi ke gasa a hannun mutum ɗaya, nan ne masanin tattalin arziki ke da abin cewa.

Bari mu yi lissafin biya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Alkaluman da ke tafe misali ne na koyarwa, ban da harajin, wanda na dokar 2022 ne. Kai za ka maye gurbinsu da abin da ka samo a kasuwa da jadawalin farashin da ke manne a kiyos a watan da ka yi aikin, domin kamfanoni suna sauya shi, dokar kasafin kuɗi ma tana iya taɓa harajin kowace shekara.

Mu ƙaddara wani Alhaji a Marwa ya loda buhu 20 a kan sefa 25,000 kowanne, jimilla 500,000, zuwa ga wata mai saye a Duwala. Ta waya, mu ce kuɗin aikawa 500 ne, kuɗin cirewa 4,000. Haraji kashi 0.2 cikin ɗari na 500,000 shi ne 1,000, kuma ana cirarsa a aikawa a sake cirarsa a cirewa, ya zama 2,000. Yaron Alhaji ya je kiyos na farko aka ce 200,000 kawai ke akwai, ya hau babur zuwa wani, ya kashe 400. Jimilla 6,900, wato kashi 1.38 cikin ɗari na kuɗin. Ka lura, idan raba cirewar gida biyu ya jefa shi cikin matakan farashi biyu, kuɗin cirewar kansa zai iya haura abin da zai biya a cirewa ɗaya. Shi ya sa dole ka tambayi sau nawa aka cire, ba nawa aka cire kawai ba.

Ta hannun direba kuwa, mu ce ana ba shi 2,000 na goro, kuɗin ya iso bayan kwana uku. A ido wannan ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma nan yawancin ɗalibai ke tsayawa. Amma akwai abubuwa biyu da ba a rubuta a rasit. Na farko hatsarin ɓata: fashi a hanya, ko direba ya ci, ko a ce an ƙirga ba daidai ba. Idan cikin saƙo 200 ɗaya ke salwanta, matsakaicin asarar kowane saƙo na 500,000 ya zama 2,500. Na biyu jinkiri. Idan Alhaji yana juya jarinsa yana samun kashi 2 cikin ɗari a mako, kwana uku da kuɗin ya yi a hanya sun ci masa kimanin 4,300. Haɗa 2,000 da 2,500 da 4,300, ka sami 8,800, kashi 1.76 cikin ɗari. Ga shi waya ta zama mafi araha. To amma a ƙarshen damina, lokacin da albasa ta yi wuya kuma ko kuɗin ya iso babu kayan da zai saya nan take, tsadar jinkirin ta kusa zama sifili, direba ya koma 4,500, ya sake doke waya. Mutum ɗaya, kuɗi ɗaya, nisa ɗaya, amma zaɓi mai hankali ya sauya da lokacin shekara. Wannan ita ce zuciyar kundinka, kuma kana iya rubuta ta a layi ɗaya:

```
C = F + T + M + (p × A) + (r × d × A)
```

F kuɗin kamfani ko na goro, T haraji, M kuɗin zirga-zirga, A yawan kuɗin da aka biya, p yiwuwar salwanta, r ribar juya jari a rana, d kwanakin jinkiri.

Kada ka tsaya a kashi cikin ɗari na ciniki. Ka auna shi da riba. Idan Alhaji yana cin 1,500 a kan kowane buhu, ribar lodin 30,000 ce, kuma 6,900 ya kai kashi 23 cikin ɗari nata. Abin da jami'in kamfani zai kira "kashi ɗaya da ɗan abu" kusan rubu'in ribar mai kaya ne. Wannan ne ke bayyana dalilin da ya sa mutumin da ke aika wa iyalinsa 10,000 ta waya ba tare da tunani ba, idan aka zo kan 500,000 sai ya tsaya jayayya.

Jayayyar kuma a kan me? A kan wanda zai biya kuɗin cirewa. Duk wanda ya zauna a rumfa ya ji wannan magana: "Hajiya, idan za ki turo ki haɗa da na cirewa." Wani lokaci mai saye ta haɗa, wani lokaci ta ƙi, wani lokaci a raba. A ganina wannan ita ce tambaya mafi daraja a dukan takardar tambayoyinka, kuma ɗalibai kaɗan ne ke sa ta. Tana nuna maka wa ke da ƙarfi a ciniki. Abin da za ka gwada shi ne: lokacin da albasar rani ta cika kasuwa, farashi ya faɗi, mai sayarwa ne ke haɗiye kuɗin cirewa, lokacin da ta yi wuya, mai saye ce ke ɗauka. Idan alkalumanka suka nuna haka, ka auna wanda haraji ke faɗawa kansa a zahiri, abin da doka ba ta faɗa. Idan ba su nuna ba, wannan ma sakamako ne, sai ka nemi dalili, wataƙila daɗewar hulɗa ta fi farashi ƙarfi.

Sai tambaya ta biye: bayan kuɗin ya shigo, me aka yi da shi? Idan Alhaji bai cire ba, ya tura wa manomin da ya ba shi albasa, ko mai mota, ko mai buhu, kuɗin cirewa ya tashi daga kansa ya koma gaba. Idan kowa ya karɓa sai ya ruga kiyos, to kuɗin waya bai zama kuɗin ciniki ba tukuna, ɗan aike ne kawai. Mbiti da Weil sun auna wannan a Kenya a shekarun farko na M-Pesa, suka ga kusan sau ɗaya kuɗi ke canja hannu tsakanin sawa da cirewa. Kai ma kana iya auna shi a ƙaramin mataki: cikin kuɗin da ya shigo, nawa aka cire cikin awa 24, nawa aka tura gaba, nawa ya kwana. Inda sarƙar ke yankewa, galibi wurin manomi ko 'yan dako, nan ne ainihin cikas yake.

Yanzu aikin fili. Kafin ka buga takarda ko ɗaya, ka karɓi wasiƙar bincike daga jami'a, ka kai wa hukumar yankin idan ana bukata, sannan ka je ka gaida shugaban 'yan albasa na kasuwar da kanka. Ka bar shi ya gabatar da kai. Baƙon da ya shigo da takarda da biro yana tambayar kuɗi, ma'aikacin haraji ne a idon kowa har sai an tabbatar da akasin haka. Ka yi mako guda kana zama a rumfa ba ka rubuta komai a gabansu, kana kallon yadda ake lodi, wa ke riƙe wayar, wa ake aika kiyos. Tambayoyinka masu kyau a wannan makon za su fito.

Daga nan ka yi jerin masu sari. Babu wani ofishi da zai ba ka cikakken jeri, kai za ka yi shi, rumfa rumfa, tare da yaron da shugaba ya haɗa ka da shi. Ɗalibai suna son lambar nan 384, wadda ke fitowa daga `n = z²p(1−p)/e²` idan z = 1.96, p = 0.5, e = 0.05. Lambar ta jama'a ce mai yawan gaske. Idan jerinka ya nuna mutum 400 ne duka, gyaran ƙaramar jama'a, `n / (1 + (n−1)/N)`, ya sauko da ita zuwa kimanin 196. Idan ƙarfinka bai kai nan ba, mutum 120 da aka zaɓa bisa tsari, misali kowane na uku a jeri bayan ka jefa ƙuri'a kan na farko, sun fi masu yawa da aka tsinta don sun yi fara'a. Masu fara'a da ɗan boko galibi matasa ne masu babbar waya, kuma su ne suka fi amfani da MoMo, sai alkalumanka su kumbura ba ka sani ba.

Kowane mutum ka tambaye shi biya huɗu na ƙarshe da ya karɓa daga wajen gari, ɗaya bayan ɗaya, daga na jiya zuwa baya. Kada ka ce "yawanci ta yaya ake biyan ka?", domin amsar da za ka samu ita ce wadda yake ganin kana so. Ka ce "lodin da ka yi na ƙarshe, wa ya saya, buhu nawa, a kan nawa, yaushe kuɗin ya shigo, ta ina?" Mutum 120 sau huɗu biya 480 ke nan, kuma wannan ya ishe ka. A kan kowane biya kana bukatar yawan kuɗin, garin mai saye, shekarun da suka yi suna hulɗa, ko bashi ne ko nan take, hanyar biya, wanda ya ɗauki kuɗin cirewa, sau nawa aka cire, kiyos nawa aka zaga, da kwanakin da suka wuce tsakanin lodi da kuɗi a hannu. Ka bar gurbin biyan da aka raba, rabi ta waya rabi ta direba, domin yana da yawa, musamman idan kuɗin ya haura iyakar da kamfani ya sa wa asusu ko wa aikawa ɗaya. KoboToolbox kyauta ne, yana aiki ba tare da intanet ba, kuma yana ba ka damar maimaita rukunin tambayoyi sau huɗu ga mutum ɗaya. Amma idan ka ga dattijo ya tsargu da wayar da ke hannunka, ka koma takarda, ka shigar da dare.

Abubuwa biyu na lissafin nan, p da r, su ne masu wuya. Don p, kada ka tambayi kashi cikin ɗari. Ka tambayi sau nawa kuɗinsa ya taɓa salwanta ta kowace hanya cikin shekara biyu da suka wuce, da kimanin saƙo nawa yake karɓa a wata, kai ka ninka na watan sau 24 sannan ka raba, kuma ka haɗa na kowa wuri ɗaya domin abu ne da ba ya yawan faruwa. Ka tuna waya ma tana da nata p: tura wa lambar da ba ita ba, saƙon ƙarya, wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne ya karɓi lambar sirri. Don r kuwa, maimakon ka tambayi riba, ka ba shi zaɓi: "Alhaji, a ba ka 500,000 bayan kwana uku, ko 498,000 yau?" Ka riƙa saukar da na yau, 496,000, 494,000, har inda ya ce gara ya jira. Nan ne farashin jinkirinsa. Wasu za su ƙi amsawa don suna ganin ƙamshin riba ta haram a tambayar, saboda haka ka sa ta a siffar ciniki: mai saye biyu, ɗaya zai biya yau a kan farashi kaza, ɗaya bayan kwana uku a kan kaza, wa za ka sayar wa?

Ga inda aiki ke lalacewa. Na farko, ƙidayar kuɗi. A Injamena da Kusiri da wurin masu Larabcin Shuwa ana ƙirge da riyal, kuma riyal ɗaya sefa 5 ne, saboda haka wanda ya ce "miya" yana nufin sefa 500, "alif" kuma 5,000. Masu ƙirge da dala, wadda ita ma sefa 5 ce, haka suke ninkawa. Idan mataimakinka ɗaya ya rubuta abin da ya ji, ɗaya kuma ya juya zuwa sefa, za ka sami farashin da ya bambanta ninki biyar cikin jadawali ɗaya. Yadda za ka gane shi ne ka raba jimillar kuɗi da yawan buhu a kowane layi, duk wanda ya fito kusan kashi ɗaya cikin biyar na sauran, kuskuren riyal ne. Ka yi wannan duba kowane dare, tun mai amsa yana nan kusa.

Na biyu, ma'anar "amfani". Wanda ke danna `*126#` ko `#150#` don sayen kati ko biyan wuta zai ce maka yana amfani da kuɗin waya, alhali bai taɓa karɓar kuɗin kaya ta nan ba. Wani kuma zai ce shi ba ya taɓa wannan abu, alhali duk kuɗin lodinsa ta layin ɗansa ko yaron shagonsa ke shigowa. Tambayar biya huɗu na ƙarshe tana magance duka biyun, muddin ka ƙara da "layin wa kuɗin ya shigo?"

Na uku, saƙonnin waya. Suna da amfani ƙwarai wajen tabbatar da kwanan wata da kuɗin da aka cire, amma dukiyar mutum ce da sirrin abokan cinikinsa. Shi zai riƙe wayarsa ya karanta maka abin da ya ga dama. Kada ka ɗauki hoto, kada ka rubuta suna ko lamba, kada ka tsaya kusa lokacin da yake danna lambar sirri. Ka sa shafi a kan kowane biya da ke nuna ko an tabbatar da shi daga saƙo ko daga tuni kawai, daga baya ka gwada ko sakamakon ya bambanta. Ƙananan wayoyi suna cika da wuri, mutane suna goge saƙo, saboda haka kada ka dogara da wannan kaɗai.

A wajen nazari, abin da kake bayyanawa shi ne ko an biya ta waya, 1, ko ba ta waya ba, 0. Biya huɗu na mutum ɗaya ba masu zaman kansu ba ne, halinsa ɗaya ke bin su duka, saboda haka dole ka gaya wa manhajar ta tattara kuskure bisa mutum. A Stata:

```
logit waya ln_kudi nisa shekarun_hulda bashi, vce(cluster id)
margins, dydx(*)
areg waya ln_kudi nisa shekarun_hulda bashi, absorb(id) vce(cluster id)
```

Layi na uku shi ne ribar tambayar biya da yawa ga mutum ɗaya. Yana kwatanta Alhaji da kansa: lokacin da kuɗin ya yi yawa ko mai sayen baƙo ne, ya sauya hanya? Ta haka duk abin da ba ya sauyawa a jikinsa, karatunsa, shekarunsa, tsoronsa ga waya, ya fita daga lissafi. Sai dai ba za ka iya auna tasirin karatu ko shekaru a wannan layin ba, na farko ne zai ba ka su idan ka ƙara su a cikinsa, kuma wanda duk biyansa hanya ɗaya ya bi bai nuna maka wani sauyi ba. Ka kuma gwada sa murabba'in `ln_kudi`, domin mai yiwuwa alaƙar ba miƙaƙƙiya ba ce: ƙananan biya na kusa ana yi da hannu, matsakaita ta waya, manya ƙwarai su koma banki ko amintacce saboda iyakar asusu da ƙarancin kuɗi a kiyos. Idan ka sami inda layin ya lanƙwasa, ka sami lambar da za ka kare a gaban malamai.

Ka kiyaye harshenka a babin sakamako. Idan ka ga manyan 'yan kasuwa sun fi amfani da waya, kada ka rubuta cewa waya ce ta girmar da su, domin mai yiwuwa girman ne ya kai su ga abokan ciniki na nesa. Ka ce "yana tafiya tare da", ka ajiye "ya haddasa".

Wata shidan kuwa, ga yadda zan raba shi. Watan farko karatu da zaman rumfa. A nan ka karanta dokar CEMAC mai lamba 04/18 ta Disambar 2018 kan harkar biyan kuɗi, domin ita ce ta tsara wanda ke da izinin ba da wannan hidima a ƙarƙashin kulawar COBAC, hukumar da ke sa ido kan bankunan yankin, ka kuma ɗauko alkaluman ƙasa daga Global Findex na Bankin Duniya da binciken FinScope na Kamaru na 2017 don gabatarwa kawai. Wata na biyu jeri da gwajin takarda a kan mutum goma sha biyar waɗanda ba za su shiga samfurin ba, tare da fassara tambayoyin daga Faransanci zuwa Fulatanci da Hausa a rubuce, kada kowane mataimaki ya riƙa fassara tasa a baki. Na uku zagaye na farko. Idan kalandar jami'a ta ba ka dama, ka koma wurin mutanen nan dai bayan wata biyu, lokacin da farashin albasa ya motsa, ka sake tambayar biya biyu na ƙarshe. Ba tare da wannan zagaye na biyu ba, maganar wanda ke ɗaukar kuɗin cirewa a lokacin araha da lokacin tsada za ta tsaya a hasashe. Tare da haka ka zaɓi kiyos goma mafi kusa da kasuwar, ka riƙa leƙa su ranar lodi da safe da la'asar kana tambaya abu ɗaya: "Yanzu idan na zo cire 300,000 zan samu?" Ka rubuta e ko a'a, da lokaci, da ko layi yana aiki a ranar. Wannan ɗan littafin shi zai ba ka M da d na hanyar waya daga ɓangaren masu kiyos, ka gwada shi da abin da 'yan albasa suka faɗa maka.